Hoton fasfo da hoton fuska: yadda na bi tantancewa a manhajar da ke magana da Jamusanci

Ban daɗe da sauka Hamburg ba buƙatar aika kuɗi gida ta taso. Na sauke wata manhajar aika kuɗi da abokan karatu suke amfani da ita, na sa lambar waya da imel, komai yana tafiya lafiya, sai ta tsaya cak a wani shafi mai taken `Identität bestätigen`. A ƙasansa layi biyu ne, kowanne da ɗan zanensa. Na farko `Foto Ihres Ausweisdokuments`, da zanen kati. Na biyu `Selfie aufnehmen`, da zanen fuska a cikin da'ira. Jamusancina a lokacin bai wuce gaisuwa da tambayar farashi ba, kuma manhajar ba ta ba ni zaɓin wani harshe a wannan sashe ba, domin wani kamfani daban ne ke gudanar mata da tantancewar.

Wanda ya zauna da ni wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi da muke sallah tare, ya shekara da yawa a garin. Hamburg na da al'ummar Ghana mai yawa, kuma a cikinsu akwai masu Hausa ras. Da na miƙa masa wayar bai fara da fassara ba. Cewa ya yi, "Ɗana, tambaya biyu kawai suke yi maka. Ta farko, takardar nan ta gaskiya ce? Ta biyu, kai ne mai ita, kuma kana nan da ranka a gaban wayar yanzu? Duk abin da za ka gani a rubuce, ɗaya daga cikin biyun nan yake yi wa hidima." Wannan bayani ya fi mini amfani fiye da ƙamus, domin daga baya na ci karo da irin shafin da Faransanci da Turkanci a wayoyin wasu, kuma tsarin bai canza ba.

Dalilin tambayar kuwa doka ce. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta wa bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi su san wanda suke hulɗa da shi kafin su ɗauki kuɗinsa. A Jamus dokar hana halatta kuɗin haram ce, wadda za ka ga an rubuta `Geldwäschegesetz` ko `GwG` a ƙananan rubutun ƙasan shafi. Ko layin waya na kati ba ka iya buɗewa a Jamus ba tare da nuna shaida ba tun watan Yulin 2017. Saboda haka ba kai kaɗai aka tsarga ba, Bajamushe ma haka yake bi.

Kafin kyamara ta buɗe, akwai shafi mai ƙaramin akwati da kalmar `Einwilligung`, wato amincewa. Baba ya hana ni wuce shi da gaggawa, kuma yana da gaskiya. Abin da kake amincewa da shi shi ne a auna fuskarka da na'ura, a kwatanta ta da hoton takardarka. Dokar kare bayanai ta Turai, wadda Jamusawa ke rubutawa `DSGVO` kuma ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta sa ma'aunin fuska cikin bayanai masu tsananin kariya. A wannan shafin ne za ka ga sunan kamfanin da zai karɓi hotunan, wanda sau da yawa ba shi ne mai manhajar ba. Ka riƙe sunan. Kana da haƙƙin rubuta musu ka tambayi abin da suka ajiye a kanka. Sai dai kada ka yi zaton rufe asusu zai goge komai nan take, domin dokar kuɗi ta sa su ajiye bayanan tantancewa na shekara biyar a ƙalla. Bayan haka waya ta tambayi izinin kyamara, da madanni biyu: `Zulassen` shi ne yarda, `Ablehnen` ko `Nicht zulassen` shi ne ƙi. Wanda ya danna ƙi zai ga baƙin allo, sai ya shiga saitin waya ya buɗe izinin da hannu.

Sai shafin zaɓen takarda. A sama akwai `Ausstellungsland`, wato ƙasar da ta bayar da takardar. Tambayar ba ta nufin inda kake zaune ko inda aka haife ka. Manhajar ta riga ta cike mini `Deutschland` saboda lambar wayata ta Jamus ce, amma fasfona na Najeriya ne, don haka sai na canza. A jerin ƙasashen `Niger` da `Nigeria` suna maƙwabtaka kamar yadda suke a ƙasa, yatsa ɗaya ne tsakaninsu, kuma mu Hausawa muna ɓangarorin biyu. Zaɓin yana da nauyi domin da shi na'ura ke ɗauko samfurin da za ta auna hotonka a kai: inda hoton mai fasfo yake zama, irin rubutun, launin shafin, wurin tambari. In ka zaɓi Nijar ka nuna fasfon Najeriya, za ta ce ba ta gane takardar ba, ba kuma za ta gaya maka dalili ba.

A ƙasa akwai nau'o'in takardu. `Reisepass` shi ne fasfo. `Personalausweis` katin shaidar ɗan ƙasa ne. `Aufenthaltstitel` katin izinin zama ne da Jamus ke ba baƙi, wanda tun 2011 ya koma kati mai ƙwayar lantarki a ciki. `Führerschein` lasin tuƙi ne. Na tambayi Baba ko katin shaida na gida zai yi, sai ya ce, "Ajiye shi, ɗana. In kana waje, fasfo ne ubangidan takardu." Haka abin yake. Fasfon duk duniya tsari ɗaya yake bi, wanda hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta shimfiɗa, shi ya sa kusan kowace na'ura ke iya karanta shi. Katunan cikin gida kuwa sai in kamfanin ya shigar da samfurinsu. In ka ga `Dokument wird nicht unterstützt`, ba cewa ake yi takardarka jabu ce ba, cewa ake yi ba sa karɓar irinta. Wanda ya riga ya sami katin izinin zama ya lura da cewa Jamus ce ta ba shi, don haka ƙasar da zai zaɓa `Deutschland` ce ko da shi ɗan Zinder ne. Kuma wasu kamfanonin ba sa karɓar katin shi kaɗai sai an haɗa da fasfo.

Na zaɓi fasfo, kyamarar baya ta buɗe da wani fili mai kusurwa huɗu, da rubutu `Datenseite`. Shafin bayanai ke nan, mai hotonka da sunanka da ranar haihuwa. A nan sabon zuwa yake iya ruɗewa, domin bizar Jamus da aka manna a cikin fasfo ita ma tana da hoto da suna da layuka biyu na haruffa a ƙasa. Kallo ɗaya za ka ce ita ake nema, tunda ita ce ta Jamus. Ba ita ba ce. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: layin ƙasan shafin fasfo da `P` yake farawa, na biza da `V`. Masu amfani da kati su kuma za a ce musu `Vorderseite`, wato gaba, sannan `Rückseite`, wato baya, hoto biyu ke nan. Fasfo hoto ɗaya ne, ba a neman bangonsa.

Hoton farko bai samu shiga ba. Da yamma ne a lokacin sanyi, kuma Hamburg a watan Disamba ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Ƙwan lantarkin ɗakin yana saman tebur daidai, shafin fasfona kuma irin sabon nan ne mai tauri kamar katin banki, wanda Najeriya ta fara bayarwa a 2019. Hasken ya sauka a kansa ya yi fari fat a tsakiyar layin ƙasa. Manhajar ta rubuto `Spiegelung erkannt`, wato ta ga ƙyalli. Da na matsa kusa don in kauce wa ƙyallin sai ta ce `Bild unscharf`, hoto ya yi dishi-dishi, domin kyamarar waya ba ta iya daidaita gani in an kusanto ta da yawa. Da na ja baya na danne fasfon da babban yatsa don kada ya rufe, sai ta ce `Alle vier Ecken müssen sichtbar sein`, dole kusurwoyi huɗu su fito.

Ni da idona ina karanta komai a hoton, shi ya sa na ga kamar tsanani ne. Amma da na fahimci abin da layukan nan biyu suke ɗauke da shi, sai na daina ganin laifin na'urar. Kowane layi haruffa 44 ne. Na sama yana ɗauke da nau'in takarda, da ƙasa, da suna. Ga misali da sunan da na ƙirƙira:

```
P<NGAMUSA<<ALIYU<SANI<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

`NGA` Najeriya ce, Nijar kuwa `NER`. Sunan da ya zo kafin alamar `<<` shi ne sunan iyali, na bayanta su ne sunayen mutum. Layi na biyu yana ɗauke da lambar fasfo, da ranar haihuwa, da jinsi, da ranar ƙarewar fasfo, kuma bayan kowace muhimmiyar lamba akwai lamba ɗaya ta bincike. A ce an haifi mutum ranar 15 ga Maris 1990. A layin za a rubuta `900315`, shekara, wata, rana. Ana ninka lambobin da 7, 3, 1, a sake 7, 3, 1, a tara:

```
9×7 + 0×3 + 0×1 + 3×7 + 1×3 + 5×1 = 92
```

Lambar ƙarshe ta jimlar, wato 2, ita ake bugawa a gaban ranar, sai a ga `9003152`. To, in ƙyalli ya sa na'ura ta karanta 3 ɗin watan a matsayin 8, jimlar za ta koma 127, ƙarshenta 7, alhali a takarda 2 ne. Lissafi bai fita ba. Na'urar ba ta da hanyar sanin ko haske ne ya ruɗe ta ko wani ne ya kankare ranar haihuwa ya sauya, don haka sai ta ƙi hoton. Harafi ɗaya tak ya isa. Tana kuma kwatanta abin da ke layin da abin da aka rubuta a saman shafin, dole su zo ɗaya. Kusurwoyi huɗun da take nema su ne ke nuna mata girman shafin da cewa ba a yanke wani gefe an ɓoye ba.

Washegari da safe na sake, kusa da taga. Na shimfiɗa baƙar riga a kan tebur, na ɗora fasfon, na danne bangon ɗaya gefen da littafi don ya zauna a buɗe ba tare da yatsana ya shiga ba. Na kashe ƙwan ɗaki da filashar waya, na goge gilashin kyamara, na riƙe wayar a saman shafin sak, tazarar kamar taƙi ɗaya, har filin ya cika. Da kansa ya koma kore ya ɗauka. Sai aka nuna mini hoton da tambaya `Ist alles gut lesbar?`, ana iya karanta komai? Madannin `Wiederholen` na sakewa ne, `Weiter` na ci gaba. Shawarata a nan ita ce mutum ya buɗa hoton da yatsu biyu ya bi layin ƙasa harafi-harafi kafin ya danna, domin wasu manhajojin suna ƙayyade yawan gwaji, in ya ƙare su rufe ka sai ka nemi ma'aikatansu.

Daga nan aka ce `Kippen Sie das Dokument langsam`, in karkata fasfon a hankali gaba da baya. Wannan karon ƙyallin ake nema. Fasfo na gaske yana da tambura masu sauya launi in haske ya motsa a kansu, fotokwafi kuwa ko hoton da aka nuna daga wata waya launinsa ɗaya ne ko ta ina aka juya shi. Shi ya sa za ka ga an rubuta `Original` da `keine Kopie`. Da yawanmu muna da hoton fasfo a ajiye a waya, muna tura shi duk inda aka nema. A nan ba ya aiki, fasfon kansa ake so a hannunka.

Bayan hoton sai manhajar ta cike fom da abin da ta karanta, ta ce in duba. `Vorname` sunan yanka, `Nachname` ko `Familienname` sunan iyali, `Geburtsdatum` ranar haihuwa, `Geburtsort` wurin haihuwa, `Staatsangehörigkeit` ƙasar da kake ɗanta, `gültig bis` ranar ƙarewa. Jamusawa rana suke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, da ɗigo a tsakani. A nan mu Hausawa muke shan wahala fiye da sauran mutane, kuma na ga an sha ta. Mu ba mu da sunan iyali irin nasu tun asali. Mutum sunansa, sai na mahaifi, wani sa'in na kaka ko na gari, kuma takardar makaranta ta jera su daban, ta banki daban. Tambayar da fom ɗin ke yi ba wane suna ake kiranka da shi a gida ba ce. Abin da ya zo kafin `<<` a fasfonka shi ne `Nachname`, ko da kai a ranka kana ganin sunan kakanka ne kawai. Duk sauran su shiga `Vorname` yadda aka jera su. In fasfo ya ce Mohammed, kada ka rubuta Muhammad don ka fi son wannan rubutun. Masu suna irin Isma'il da Mu'azu su san cewa a layin ƙasa ana zubar da ɗan waƙafin saman, don haka in manhaja ta ƙi karɓarsa sai a rubuta sunan a haɗe. Haruffanmu masu ƙugiya kuma a bar su, tunda ba su a fasfo. In sunan da ka yi rajista da shi tun farko ya saɓa wa na fasfo, gyara shi kafin ka tura hoton, domin saɓanin suna yana jawo ƙin amincewa ko da hotunan sun fito tas.

Akwai wani mataki da ba kowace manhaja ke da shi ba. Ta rubuto `Halten Sie Ihren Pass an die Rückseite Ihres Smartphones`, in manna fasfon a bayan waya. A bangon fasfo akwai wata ƙaramar alama mai kama da akwati da da'ira a tsakiya, wadda ke nuna akwai ƙwayar lantarki a ciki. Najeriya ta fara irin wannan fasfo tun 2007. A ƙwayar akwai sunanka da hotonka, da sa hannun lantarki na ƙasar da ta bayar, wanda ke da wuyar ƙirƙira. Waya tana karanta ta da `NFC`, wato fasahar da ke ba waya damar karanta ƙwayar da aka manna mata, kuma makullin buɗe ta daga layin ƙasan nan ake haɗa shi: lambar fasfo, ranar haihuwa, ranar ƙarewa. Shi ya sa hoto ke zuwa kafin wannan mataki. Na cire rigar wayar, na kwantar da ita a kan fasfon, na ja ta a hankali har ta yi ɗan motsi, sannan na bar ta ba motsi har layin da ke cika ya kai ƙarshe. In ka ɗaga da wuri sai an sake daga farko. Wayar da ba ta da `NFC` yawanci tana samun madannin `Überspringen`, wato tsallakewa.

Sai tambaya ta biyu. Kyamarar gaba ta buɗe da fili mai siffar ƙwai, da rubutu `Positionieren Sie Ihr Gesicht im Rahmen`, in sa fuskata a ciki. Wannan ba hoton ado ba ne, ba kuma shi za a sa a shafinka ba. Aiki biyu yake yi. Na farko, na'ura tana auna fuskar da take gani ta kwatanta da hoton fasfo, ta fitar da maki na kamanni, in ya haura iyakar da aka sa ta yarda. Na biyu, tana so ta tabbata fuska ce mai rai, domin wanda ya tsinci fasfonka yana iya samo hotonka a Facebook ya ɗaga wa kyamara. Umarnin da ke biyo baya duk na wannan ne. `Näher` matso, `Weiter weg` ja baya, `Drehen Sie den Kopf langsam nach links` juya kai hagu a hankali, `nach rechts` dama, `Blinzeln` ƙifta ido, `Lächeln` yi murmushi. Fuska ta gaske in ta juya, hanci yana rufe wani ɓangare na kunci, inuwa tana motsi. Hoton takarda shafaffe ne, ba ya yin haka. Wasu manhajojin ba sa ce maka ka motsa, sai dai allon ya riƙa sauya launi yana haska fuskarka, suna duba yadda fata ke mayar da hasken. Kyamarar gaba kamar madubi take nunawa, don haka hagu da dama suna iya rikita mutum. Kibiyar da ke kan allo ita ce abin bi, kuma kai ake juyawa, waya tana tsaye daidai tsayin ido.

Ina zaune a inda na ɗauki fasfon, taga tana bayana, sai ta rubuto `Zu dunkel`, duhu ya yi yawa. Ɗakin kuwa cike yake da haske. Abin da ke faruwa shi ne kyamara tana daidaita kanta da wurin da ya fi haske, wato tagar, sai fuskar da ke gabanta ta dushe. A kan mai farar fata ana iya ganin kamanni duk da haka, a kanmu kuwa fuska takan koma inuwa, ido da haƙori kaɗai ke fita. Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. Hukumar ma'aunai ta Amurka ta gwada na'urorin gane fuska masu yawa ta fitar da rahoto a Disambar 2019, inda ta nuna da yawansu sun fi yin kuskure a kan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas. Abin yana ɓata mini rai, domin nauyin gyara na masu ƙera su ne. Amma abin da ke hannuna a ranar shi ne haske. Na juya kujera na fuskanci tagar, farin bango a bayana, nan take filin ya koma kore.

Baba ya sa na cire hula da tabarau, kuma manhajar ma ta rubuta `Brille abnehmen`. Gilashin tabarau yana ƙyalli ya rufe ido, hula kuma tana jefa inuwa a goshi. Game da mata, hijabi ba matsala ba ne. Ko a hoton fasfon Jamus an yarda da rufe kai don addini, muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi ba tare da inuwa ba. Mai niƙabi sai ta ɗaga, kuma tana iya yin abinta ita kaɗai a ɗaki, amma ya kamata ta san cewa in na'ura ta yi shakka ma'aikaci ne zai duba hoton, kuma ba ta da zaɓin ko mace ce ko namiji. Gara ta sani tun kafin ta fara. Wanda ya tsayar da gemu bayan an yi masa fasfo yawanci yana wucewa, domin ma'aunin ya fi dogara ga ido da hanci da tsarin ƙashin fuska. Abin da ya fi kawo cikas shi ne filtar gyaran fuska da wayoyinmu da yawa ke zuwa da ita a kunne, mai goge fata ta haskaka ta. A kashe ta. Kuma kada wani ya leƙo ta bayanka, domin fuska biyu a fili ɗaya tana sa a ƙi.

Wasu kamfanonin suna neman wani nau'i daban, `Selfie mit Ausweis`, wato ka riƙe fasfon a buɗe kusa da fuskarka, wani lokaci da takarda mai ɗauke da ranar yau da ka rubuta da hannu. Manufar ɗaya ce, a ga kai da takardar a wuri ɗaya a rana ɗaya.

Da na gama sai allon ya ce `Ihre Daten werden geprüft`, ana duba bayananka. Wannan ba amincewa ba ce, ba kuma ƙi ba. In na'ura ta gamsu, cikin mintuna ake samun amsa. In ta yi shakka sai ta tura wa mutum, abin ya ɗauki yini ko fiye. Nawa ya fito a ranar: `Verifizierung erfolgreich`. Akasinsa shi ne `fehlgeschlagen`, bai yi nasara ba, wanda yawanci yake zuwa da damar sakewa, ko `abgelehnt`, an ƙi. In aka ga `abgelaufen`, fasfo ya ƙare aiki, kuma babu hasken da zai gyara wannan sai sabuntawa. Wanda na'ura ta yi ta ƙi kada ya buɗe sabon asusu da wani imel, domin fuska ɗaya a asusu biyu alamar zamba ce a wurinsu. Ya nemi `Kundenservice`, wato sashen kula da abokan hulɗa, ya tambayi wata hanya. Kamfanoni da yawa a Jamus suna da tantancewa ta kiran bidiyo da ma'aikaci, wasu kuma suna karɓar `POSTIDENT`, inda za ka je gidan waya da fasfonka ma'aikaci ya duba ka ido da ido.

Akwai abin da Baba ya ja mini kunne a kai tun kafin mu fara, kuma na ga ya fi duk sauran nauyi. Hoton fasfo da hoton fuska in sun haɗu, sun isa a buɗe asusu da sunanka. 'Yan sandan Jamus sun daɗe suna gargaɗi a kan wata zamba da ake yi wa masu neman aiki: a tallata aikin yi daga gida, a ce kafin a ɗauke ka sai ka tantance kanka ta wata manhaja, ko a ce aikin shi ne gwada manhajar banki. Kai kana ganin neman aiki kake yi, ashe asusun banki ka buɗe musu, su wuce da kuɗin sata ta cikinsa, wasiƙar hukuma kuma ta zo da sunanka. Baƙon da bai iya harshen ba shi ya fi saurin faɗawa, domin yana danna `Weiter` ne kawai ba ya karanta abin da ke sama. Saboda haka kafin ka ɗaga fasfo, nemi sunan kamfanin a shafin farko ka tabbata shi ne wanda kai da kanka ka je nema. In ka ga `Kontoeröffnung`, buɗe asusu ake yi, in kuwa ba asusu ka zo buɗewa ba, danna `Abbrechen` ka fita. Shiga tantancewar daga cikin manhajar da ka sauke da hannunka, ba ta mahaɗin da wani ya turo maka a WhatsApp ba. In wani ya ce maka kada ka gaya wa ma'aikacin bidiyo cewa don neman aiki kake yi, to shi ne ɓarawon. Haka nan ɗan'uwan da zai ce ka ara masa fuskarka ya buɗe asusu saboda takardunsa ba su fito ba: duk kuɗin da ya bi ta asusun, a idon doka kai za a tambaya.